Yadda za ka yi idan an yi wa kasuwancinka taron dangi da tauraro ɗaya a Google

Abin yakan fara ne da rigima ƙarama. Kwastoma ya yi oda, abinci ya makara ko an kawo ba abin da ya ce ba, aka yi cacar baki da yaron shago, wani ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok ko Facebook, a ƙasan bidiyon wani ya rubuta "jama'a ku je Google ku ba su tauraro ɗaya". Kafin gari ya waye wayarka sai ƙara take yi, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar shagonka ba, wasu ma ba su san garin da kake ba, kowa ya zo ya danna tauraro ɗaya ya wuce. Wannan shi nake kira taron dangi da tauraro ɗaya, kuma wallahi abu ne mai ciwo, don makin da ka tara a shekara uku sai ya rushe a dare ɗaya.

Ba ƙananan 'yan kasuwa kaɗai yake samu ba. A watan Janairun 2021 da manhajar cinikin hannun jari ta Amurka mai suna Robinhood ta hana mutane sayen hannun jarin kamfanin GameStop, jama'a sun yi mata ca a Play Store har makinta ya sauka zuwa tauraro ɗaya, sai da Google ya goge sharhi wajen dubu ɗari. A watan Yunin 2018 kuma wani gidan abinci mai suna Red Hen a garin Lexington na jihar Virginia ya ce wa kakakin fadar White House ta lokacin, Sarah Sanders, ta fita, aka yi musu ruwan sharhi a Yelp, shafin da ake ba wa shaguna maki, har wani gidan abincin daban da ke Washington mai irin sunan, wanda babu ruwansa da maganar, shi ma ya sha. Kaga ke nan ko ba kai ka yi rigimar ba tana iya faɗo maka.

Zan tsaya a kan Google Maps ne don shi ne wanda baƙo yake dubawa idan yana neman otal ko gidan abinci ko asibiti ko wajen gyaran waya, kuma shi ne wanda ba ka da ikon kashe wajen sharhin. Facebook zan taɓa shi kaɗan a gaba.

Fara da lissafi, don shi zai hana ka yin wauta

Mu ɗauki misali. A ce Hajiya tana da gidan abinci a Kano, tana da sharhi 80 a Google, makinta 4.5. Ma'ana jimillar taurarin da aka ba ta 360 ne, wato 80 sau 4.5. Bidiyo ya fita ranar Juma'a da daddare, zuwa Lahadi an zuba mata tauraro ɗaya guda 120. Yanzu taurari sun zama 480, masu sharhi sun zama 200, idan ka raba sai ka samu 2.4. Daga 4.5 zuwa 2.4 a kwana biyu.

Toh abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne a kira 'yan'uwa da abokai da 'yan guruf ɗin makaranta su zo su ba da tauraro biyar a rama. Mu lissafa mu gani. Kafin Hajiya ta koma 4.0 ta wannan hanyar sai ta samu mutum 320 kowa ya ba ta biyar cif, in kuma 4.5 ɗinta take so ya dawo sai mutum 840. Amma a ce Google ya cire 90 daga cikin 120 ɗin nan, saura 30, makin zai tashi da kansa ya koma kusan 3.5, daga nan kuma mutum 50 kacal take buƙata ta kai 4.0. Dubi bambancin, 320 da 50. Shi ya sa duk ƙarfinka a makon farko ya kamata ya tafi wajen ganin an cire na ƙarya, ba wajen tara jama'a ba.

Kuma ban da wahala, tara jama'ar laifi ne a dokar Google. Sharhin wanda bai taɓa hulɗa da kai ba na ƙarya ne ko da tauraro biyar ya bayar, na ma'aikatanka da 'yan gidanku kuma suna kallonsa a matsayin son kai. Na'urarsu tana lura da shagon da sharhi ya yi masa yawa lokaci guda, in ta tashi shara tana iya haɗawa da na kwastomominka na gaskiya da suka rubuta a wannan makon, kuma in suka gane kai ka shirya, suna iya hana a rubuta maka sabon sharhi na wani lokaci ko su liƙa gargaɗi a shafinka. Ka je neman gira ka rasa ido.

Mataki na farko: daren farko, kama bakinka ka kama hannun yaranka

Kar ka amsa ko ɗaya a daren. Na san zuciya tana tafasa, musamman in ka ga wani ya rubuta cewa ya ga kyankyaso a miya alhali bai taɓa zuwa ba, amma duk amsar da ka rubuta cikin fushi sikirinshot za a yi mata a mayar ƙarƙashin bidiyon, wuta ta ƙara tashi. Ka tara ma'aikata ko ka tura musu saƙo a WhatsApp, ka ce kar wanda ya shiga kwament ya kare shago, kar wanda ya kira wancan kwastoman, kar wanda ya saki lambar wayarsa ko hoton rasit ɗinsa ko bidiyon kyamarar shago da fuskarsa a ciki. Mutum ɗaya ne zai yi magana da sunan kasuwancin. Yawanci ba bidiyon farko ne yake kashe kasuwa ba, martanin da yaron shago ya yi da ƙarfe ɗayan dare ne.

A daren dai, ka tabbatar shafin naka yana hannunka. Mutane da yawa shagonsu yana kan Google Maps amma ba su suka sa shi ba, ko wani yaro da ya taɓa yi musu aiki ne ya buɗe da imel ɗinsa ya tafi. Ka shiga business.google.com da akawun ɗinka ka gani. In ba naka ba ne, ka nemo shagon a Maps ka danna Claim this business ka bi matakan tantancewa, wani lokacin lamba suke turowa, wani lokacin bidiyon shagon za su ce ka ɗauka da allon suna da cikin shago. Tantancewar tana iya cin kwanaki shi ya sa nake cewa a fara tun daren, don in ba a tantance ka ba ba za ka iya amsa sharhi a matsayin mai shago ba, kuma ba za ka iya ɗaukaka ƙara ba.

Mataki na biyu: tara hujja kafin ta ɓace

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan mutane suke yin kasala. Ka buɗe sharhin, ka jera su da Newest don sababbi su zo sama. Kowane ɗaya ka yi masa sikirinshot yadda suna da tauraro da rubutun za su fito. Google ba ya nuna maka ainihin ranar, sai dai ya ce kwana biyu da suka wuce ko mako ɗaya, in aka jima ma duk sai su koma "wata ɗaya" ka kasa bambancewa, don haka ka rubuta ranar da kanka, saƙon imel da Google yake turo maka idan an yi sabon sharhi shi ma yana ɗauke da lokaci, kar ka goge shi.

Sannan ka samu takarda ko ka buɗe Google Sheets, kowane sharhi layi ɗaya: sunan akawun, ranar da ya shigo, abin da ya rubuta, da abin da ka gani da ka danna sunansa. Danna sunan nan yana da amfani sosai, don zai nuna maka sauran wuraren da mutumin ya taɓa yi wa sharhi in bai ɓoye ba. Za ka ga wani sharhinsa ɗaya ne tak a duniya kuma naka ne. Wani duk sharhinsa na wata ƙasa ne. Wani ya rubuta ƙarara cewa "na ga abin da kuka yi a TikTok", wannan shi ne mafi sauƙin cirewa don da bakinsa ya faɗa cewa ba zuwa ya yi ba. Wasu goma za ka ga kalma ɗaya suka kwafa suka liƙa. Wani zai yi maganar abin da ba ka sayarwa ma sam, ya ce shawarmarku ta lalace alhali tuwo da masa kake yi. Duk ka rubuta.

Abu mafi tsada a cikin hujjar shi ne tushen wutar. Ka nemo fostin ko bidiyon, ka ajiye linkinsa, ka yi sikirinshot na wajen da aka ce a je a ba ka tauraro ɗaya, da lokacin da aka rubuta. In ka iya nuna cewa a wata shida da suka wuce sharhi uku ko huɗu kake samu a wata, sai ga 120 cikin awa 48 bayan wannan kiran, toh ka gama rabin shari'ar. Ka yi sauri don masu irin wannan kiran sukan goge in sun ga abin ya girma.

Mataki na uku: ware na gaskiya daga na ƙarya, kuma ka ji tsoron Allah a nan

Ba duk tauraro ɗaya da ya shigo a makon ne na ƙarya ba. Shi wanda aka yi rigimar da shi kwastoma ne, ya zo, ya biya, ransa ya ɓaci, sharhinsa halal ne ko da ya yi zafi ko da kana ganin ya ƙara gishiri. Google ya faɗa a fili cewa ba ya shiga tsakanin mai kasuwa da kwastoma a kan wa ke da gaskiya, kuma ba ya cire sharhi don kawai bai yi maka daɗi ba. Sannan akwai tsofaffin kwastomomi da suka taɓa jin haushinka suka yi shiru, yanzu da suka ga ana yi sai suka fito da nasu. Ka duba littafin oda, ka duba alat na banki da na POS, ka duba hirar WhatsApp, in ka ga alamar mutum ya taɓa saye a wajenka ka cire shi daga jerin waɗanda za ka kai ƙara.

A misalin Hajiya, a ce da aka zauna aka tace, 8 na kwastomomin gaske ne, 47 sun ambaci bidiyon ko sun yi zagi ko sun kwafi juna, sauran 65 kuma tauraro ɗaya ne kawai babu ko harafi. Kashi uku ke nan kuma kowanne da maganinsa. Takwas ɗin nan amsa za a ba su, ba rifot ba. In ka haɗa su ka kai ƙara, an duba an ga na gaskiya ne, ka raunana sauran ƙorafinka da hannunka.

Mataki na huɗu: yin rifot ɗaya bayan ɗaya

A gefen kowane sharhi akwai ɗigo uku ko alamar rifot, ka danna ka zaɓi Report review, sai ya kawo maka dalilai. Kar ka danna duk wanda hannunka ya faɗa kai, ka zaɓi wanda ya dace da abin da ke rubuce. Wanda yake maganar bidiyo ko siyasa ko addini ba abin da ya gani a shagon ba, Off topic. Na akawun ɗin bogi da waɗanda aka kwafa aka liƙa, Spam. In ka gane mai shagon da kuke gasa ne ko ma'aikacin da ka sallama, Conflict of interest. Zagin uwa da ashar, Profanity. Wanda ya kama sunan wata ma'aikaciyarka yana ci mata mutunci ko yana barazana, Bullying or harassment. Wanda ya zagi ƙabila ko addini, Discrimination or hate speech. Wanda ya sa lambar wayar wani ko adireshin gidansa, Personal information. Sunayen nan Google yakan ɗan canza su lokaci zuwa lokaci amma ma'anar tana nan.

Ka fara da guda 47 ɗin nan masu hujja a jikinsu, sannan ka bi marasa rubutu. Gaskiya marasa rubutun su ne masu taurin kai, don in mai dubawa ya kalli tauraro ɗaya shi kaɗai babu abin da zai nuna masa ƙarya ne, mutum yana da 'yancin ba da maki ba tare da ya ce komai ba. Su ba a cin su ɗaya-ɗaya sai a dunƙule, a mataki na gaba.

Bayan ka yi rifot, ka nemi shafin da ake kira Reviews Management Tool, ka rubuta sunan a Google zai fito a cikin shafukan taimako na Business Profile, wato sashen masu kasuwanci na Google. A nan za ka zaɓi kasuwancinka ka ga halin da kowane rifot yake ciki. Decision pending yana nufin ba a duba ba tukuna. Report reviewed - no policy violation yana nufin an duba an ce ba a ga laifi ba. Yakan ɗauki kwanaki, ka yi haƙuri, sake danna rifot sau ashirin a kan abu ɗaya ba ya sa a yi sauri. Kana iya ganin wasu sun ɓace da kansu ma kafin a amsa maka, wannan na'urar Google ce ta gano su, wani lokacin har takan dakatar da karɓar sabon sharhi a shafin na ɗan lokaci in ta ga abin ya yi yawa. In ka ga haka kar ka tsorata, taimakonka aka yi.

Mataki na biyar: ɗaukaka ƙara, dama ɗaya ce

Waɗanda aka ce ba a ga laifinsu ba kana da damar ɗaukaka ƙara a cikin wannan shafin dai, amma sau ɗaya ne ga kowane sharhi, kuma ana zaɓar har guda goma a lokaci ɗaya. Tunda dama ɗaya ce kar ka ɓata ta da kuka. Na ga masu rubuta doguwar wasiƙa cewa maƙiya ne, hassada ce, suna da marayu da suke ciyarwa, duk gaskiya ne wataƙila amma mai dubawa ba abin da yake nema ke nan ba. Abin da yake nema shi ne wace doka aka karya kuma ina shaida.

Ka rubuta da Turanci mai sauƙi, gajere, in ba ka iya ba ka samu wanda zai rubuta maka. Ga abin da Hajiya za ta sa a ciki: kafin ranar kaza muna da sharhi 80 da maki 4.5, muna samun kamar huɗu a wata. Ranar kaza da ƙarfe kaza aka sa wannan bidiyon, ga linki, a ƙasansa an nemi mutane su zo su ba mu tauraro ɗaya. Cikin awa 48 sharhi 120 suka shigo. Waɗannan goman da na zaɓa suna cikinsu, babu ɗayansu a littafin odarmu, bakwai daga ciki ba su da wani sharhi sai wannan. Wannan ya saɓa wa dokarku ta Fake engagement wadda ta hana sharhin da ba a kan hulɗa ta gaskiya aka gina shi ba. Shikenan. Ka haɗa goma-goma masu kama da juna, marasa rubutu tare, masu kwafe tare, kuma ka ajiye lambar ƙarar da za su turo maka ta imel don da ita za ka bi sawu in ka koma wajen masu taimako na Google.

Kar ka sa rai duka za su tafi. Wasu za su zauna har abada, musamman marasa rubutu daga akawun ɗin da ya daɗe yana aiki. Kuma dan Allah kar ka ce za ka goge shafin ka buɗe sabo, cire shafin daga akawun ɗinka ba ya cire shagon daga Maps, sharhin yana nan, kai ne kawai ka rasa bakin magana, sabon da ka buɗe a adireshi ɗaya kuma ana iya haɗe shi da tsohon ko a dakatar da shi. Sa alamar an rufe na ɗan lokaci shi ma ba ya goge komai, sai dai ya kori masu zuwa saye.

Amsa: wa za ka amsa wa, me za ka ce

Ka tuna ba don masu taron dangin kake rubuta amsa ba, su sun wuce sun manta da kai. Don baƙon da zai buɗe shafinka bayan wata biyu kake rubutawa, ya ga 3.5 yana so ya san me ya faru. Saboda haka ba sai ka bi 120 kana amsawa ba, ka sani ma duk wanda ka amsa wa Google yana sanar da shi, ka tuno masa da kai ke nan. Ka zaɓi biyu ko uku da suka fi fitowa a sama ka rubuta abu kamar haka: "Assalamu alaikum. Mun duba ba mu ga odarka a wajenmu ba. Tun ranar Juma'a muke samun sharhi da yawa daga mutanen da suka ga wani bidiyo, mun kuma sanar da Google. In ka taɓa saye a wajenmu kuma wani abu ya ɓata maka rai, ka kira lambar shago mu gyara." Babu zagi, babu kiran kowa maƙaryaci.

Su kuma takwas na gaskiya kowa amsarsa daban, ka ambaci abin da ya faɗa don ya san an karanta. Wanda ya ce ya jira awa ɗaya da rabi, ka ce haka ne, ranar mai kai saƙo ɗaya ne a bakin aiki, yanzu an ƙara, ka yi haƙuri. Kar ka fallasa abin da ya saya ko nawa ya biya ko inda yake zaune.

Sai shi mai rigimar. Wannan kai da kanka za ka neme shi, ba yaro ba, kuma a waya ko ido da ido, ba a kwament ba. In akwai wanda yake jin nauyinsa, dattijo ko abokin da kuka haɗa, ka bi ta nan, mu dai mun san yadda sulhu yake tafiya in an sa manya a ciki. In ku ne da laifi ka amsa, ka mayar masa da kuɗinsa ba tare da sharaɗi ba. Kar ka ce "zan biya ka in ka goge", wannan sayen sharhi ne a dokar Google, kuma in ya naɗi muryarka bidiyo na biyu ke nan. Ka gyara tsakaninku kawai, shi yana da ikon gyara sharhinsa ko ya goge da kansa, kuma in ya fito ya ce jama'a an sasanta a bari haka, wannan ya fi rifot ɗari kashe wutar don daga wajensa ta taso. In laifin ya fito fili a bidiyon, misali an ga yaronka yana zagi, ka fitar da sanarwa ɗaya gajera a shafinka, ka faɗi abin da ya faru da matakin da ka ɗauka, ka yi shiru. Ban da irin ban haƙurin nan na "in ran wani ya ɓaci", mutane suna gane shi.

A Facebook abin ya fi sauƙi, don can kana iya shiga saitin shafi ka kashe wajen Reviews gaba ɗaya na ɗan lokaci, in ƙura ta lafa ka kunna. Sai dai kashewar tana ɓoye har masu kyau, kuma ba ta goge komai, in ka kunna suna nan, don haka ka yi rifot ɗin na ƙarya a can ma.

Maganar 'yan sanda da lauya

Nan ina roƙonka ka yi tunani sau biyu. A watan Satumban 2023 wata mata ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco Foods ya yi mata zaƙi da yawa, kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta a Legas aka kai ta Abuja. Abin da ya biyo baya shi ne kiraye-kirayen a ƙaurace wa kayan kamfanin, labarin ya kai har kafafen yaɗa labarai na ƙasashen waje, mutanen da ba su taɓa ganin fostin ba duk suka ji. Ko me mutum yake gani game da wa ke da gaskiya, a fili yake cewa kama mai ƙorafi ya ƙara wa maganar girma ne. Kai da kake fama da mutum 120, in ka sa aka kama kwastoma, dubbai za ka tara wa kanka.

Inda hukuma take da wuri shi ne in an fara barazana ga rai, ko ana yaɗa adireshin gidanka da lambobin ma'aikatanka, ko ana neman kuɗi. Wannan na ƙarshen ya zama sana'a yanzu: a zuba maka tauraro ɗaya guda ashirin, sai saƙo ya shigo WhatsApp daga baƙuwar lamba, sau da yawa ta ƙasar waje, a ce ka turo kaza mu goge in ba haka ba mu ƙara. Kar ka biya ko sisi, wanda ya biya sau ɗaya an san yana biya, za a dawo. Kar ka yi ciniki da su, ka yi sikirinshot na saƙon da lambar da lokacin, Google yana da fom na musamman na masu kasuwancin da ake yi wa irin wannan ƙwacen, ka nema a shafin taimako na Business Profile ka cika ka haɗa hotunan. Haka nan masu zuwa su ce maka suna da ɗan'uwa a Google za su goge maka komai in ka ba su dubu hamsin, ƙarya ne, Google ba ya karɓar kuɗi don cire sharhi, mafi yawansu rifot ɗin da kai ma za ka iya yi kyauta suke dannawa, wasu kuma su nemi ka ba su ikon shiga shafinka su ƙwace shi.

Bayan ƙura ta lafa

Ka bari sai sharhin ƙarya ya daina shigowa, kamar mako biyu ko uku, sannan ka fara neman na gaskiya a hankali. A cikin shafinka akwai wajen Ask for reviews da zai ba ka gajeren linki, ka mayar da shi lambar QR ka liƙa a kanta, ko ka riƙa tura shi a WhatsApp bayan an kai oda da 'yar magana kamar "mun gode, in da hali ka faɗi yadda ka samu abincin a nan". Kowa za ka tura wa, ba waɗanda ka san za su yaba kaɗai ba, don zaɓen masu yabo shi ma Google ya hana, kuma ban da alkawarin ragi ko lemo kyauta ko katin waya.

Mu koma kan Hajiya. An cire 90, tana kan 3.5 da sharhi 110, tana neman mutum 50. In tana samun biyar a mako, mako goma ke nan, wata biyu da rabi, in kuma wasu huɗu suka bayar ba biyar ba, wanda dole za a samu, sai ya kai wata uku ko huɗu. Tun kafin makin ya kai can ma za ta ga sauƙi, don mai dubawa in ya danna Newest sababbin zai fara gani, mutane suna maganar masa da miyar taushe da hotunansu, na taron dangin sun gangara ƙasa. Takardar hujjar nan kuma kar ta yar, ta bar ta a waya, don wani lokacin bayan wata biyu wani shafi yakan sake ɗora tsohon bidiyon a samu sabon zubi na mutum goma ko ashirin, in hakan ta faru sai ta ƙara su a ƙasan jerin, ta yi rifot, ta ambaci lambar ƙarar farko a cikin sabuwar.